Awon jinin maigidana ya nuna 1.2, surukata kuma ta ce a daina litiyam

Assalamu alaikum, Likita. Ina rubutowa ne daga Talatar Mafara. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne mai shekara 39, kuma yana fama da ciwon da a asibiti suka kira baifola, wanda idan ya taso masa ba ya barci, ya yi ta surutu da kashe kuɗi. Wata huɗu ke nan da aka ɗora shi a kan litiyam, yanzu yana shan miligiram 600 da ƙarfe tara na dare, kuma ya samu sauƙi sosai. Awon jinin da aka yi masa a baya ya nuna 0.6, amma na shekaranjiya ya nuna 1.2. A daren da za a yi awon ya manta bai sha ba, sai na ba shi bayan sallar asuba, wajen ƙarfe shida, aka ɗebi jinin da ƙarfe tara. Ban gaya wa kowa haka ba. Ga shi mako biyu ke nan yana shan dikulofenak daga kemis saboda ciwon baya, hannunsa kuma yana ɗan rawa. Ranar ganin likita saura kwana goma. Surukata ta ce tun kafin a fara maganin ake zuƙe wa ɗanta jini, don haka a daina a koma rubutu. Ni ce na jawo wannan? Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Zamfara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa maigidanki lafiya, Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ku bari sai ranar da aka ba ku. A yau ɗin nan ki nemi likitansa ta waya ko ku tafi asibitin, ki gaya masa lokacin da aka sha ƙwayar da lokacin da aka ɗebi jinin, ki kuma nuna masa kwalin maganin ciwon bayan. Shi kuwa dikulofenak, a ajiye shi daga yanzu. Idan bayan ya matsa masa, farasitamol ba ya rigima da litiyam, ana iya shan sa bisa ƙa'idar da ke jikin kwali.

Kafin ki tashi, ki dubi maigidan da kyau, domin abin da idonki ya gani ya fi lambar da ke kan takarda muhimmanci. Rawar hannu iri biyu ce. Akwai 'yar siririya wadda ba a lura da ita sai mutum ya miƙe yatsunsa ko ya riƙe takarda, kuma mutane da yawa masu shan litiyam suna da ita alhali maganin bai yi musu yawa ba. Akwai kuma babba, wadda idan ya ɗauki kofin shayi sai ya zube kafin ya kai bakinsa, ko ya kasa saka maɓallin rigarsa. Ki sa shi ya taka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ki ga ko yana tangaɗi, ki ja shi da hira ki ji ko harshensa ya yi nauyi. Idan kika ga babbar rawa, ko tangaɗi, ko nauyin baki, ko amai da gudawa da suka ƙi tsayawa, ko ya ce yana gani dishi-dishi, ko naman jikinsa yana fizga, ko barci ya rinjaye shi da rana tsaka har yana rikicewa, to maganin ya yi masa yawa a jini har ya fara zama guba. A wannan hali ba ya shan ƙwayar daren, kuma asibiti mafi kusa za a kai shi nan take, ba sai wanda ya saba zuwa ba, a gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa yana shan litiyam. Idan aka yi jinkiri abin yana iya kaiwa ga farfaɗiya, da suma, da lalacewar ƙoda, har da illar ƙwaƙwalwa wadda ba ta warkewa gaba ɗaya. Idan kuwa siririyar ce kawai, yana ci yana sha yana harkokinsa, to akwai sauƙi, amma duk da haka likita ne zai yanke hukunci a kan ƙwayar daren yau, shi ya sa nake so ki same shi kafin magariba.

Game da tambayarki ko ke ce kika jawo, ki kwantar da hankalinki. Kin ga mijinki ya tsallake magani, kin ji tsoron kada ciwon ya dawo, kin ba shi. Wannan aikin mai kulawa ne, kuma ƙwaya ɗaya da aka sha da asuba maimakon dare ba ta sa wa mutum guba. Abin da ta ɓata shi ne ma'anar awon. Idan mutum ya haɗiyi litiyam, yawansa a jini yana hawa cikin 'yan awowin farko har ya kai ƙololuwa, daga nan ya rinƙa sauka a hankali yayin da yake shiga sassan jiki, ƙoda kuma tana fitar da shi ta fitsari. Saboda haka likitoci suka tsayar da lokaci guda da za a rinƙa aunawa, wato awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe, kuma duk lambobin da ake kwatanta sakamako da su a kan wannan lokacin aka gina su. Mai shan magani da tara na dare, da tara na safe ake ɗibar jininsa. Jinin maigidanki kuwa an ɗebe shi ne awa uku bayan ya sha, daidai lokacin da maganin ke kusa da ƙololuwarsa, don haka 1.2 ɗin nan ba a iya kwatanta shi da 0.6 na baya. Da a ce an sanar da mai ɗibar jinin, da ya ɗaga awon zuwa wata rana, kuma wannan shi ne abin yi a duk lokacin da aka manta da ƙwayar daren awo.

Sai dai ba na so ki tsaya a nan ki ce ai matsalar lokaci ce kawai, domin akwai dalili na biyu da zai iya ɗaga lambar da gaske. Jiki ba ya narkar da litiyam ya mayar da shi wani abu dabam. Yadda ya shiga haka yake fita, kuma kusan dukansa ta ƙoda yake bi. Dikulofenak da danginsa, irin su ibufurofen da firoksikam, suna rage yadda ƙoda ke fitar da shi, ta yadda mutum yana shan adadin da ya saba amma maganin yana taruwa a jikinsa kullum. Mako biyu ya isa wannan ya faru. Takarda ɗaya ba za ta bambance mana tsakanin dalilan biyu ba, kuma mai yiwuwa ne duka biyun sun haɗu. Abin da zai raba gardama shi ne a sake awon a kan awa 12 cif, tare da awon ƙoda. Idan ya dawo wajen 0.6 ko 0.7, ƙodar kuma lafiya, to lokaci ne ya ruɗe mu, kuma ba lallai a taɓa adadin maganin ba. Idan ya fito 1.0 ko sama da haka, to maganin ciwon bayan ne ya tara litiyam a jikinsa, likita zai iya rage litiyam ko ya tsayar da shi na ɗan lokaci, sannan a sake aunawa bayan mako guda. Dalilin mako gudan shi ne jiki yana buƙatar kwana biyar zuwa bakwai kafin yawan maganin ya daidaita bayan kowane canji, ko canjin ƙari ne, ko ragi, ko cire wani maganin da ke yi masa katsalandan.

Lambobin da za ki riƙe ba su da yawa. A takardar sakamako za ki ga an rubuta mmol/L a gefen lambar. Ga wanda aka fara ba shi don hana ciwon dawowa, yawanci ana neman 0.6 zuwa 0.8, wani lokaci likita yakan ɗaga zuwa 1.0 idan ciwon ya ƙi lafawa, ga tsofaffi kuma akan tsaya ƙasa da haka. Daga 1.5 alamun guba sukan bayyana, daga 2.0 kuwa rai yana cikin haɗari. Kin ga tazarar da ke tsakanin magani da guba ba ta da faɗi, kuma akwai waɗanda alamun ke bayyana gare su tun lambar ba ta kai can ba, shi ya sa na ce ki fara duban mutumin kafin takardar.

Yanzu ga maganar Hajiya. Uwa ce da ta ga an cika kwalabe da jinin ɗanta tun bai sha ko ƙwaya ɗaya ba, kuma da alama babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Tsoronta ba abin raini ba ne, ina kuma ganin idan ta san abin da aka nema a jinin, za ta sassauto. Awon farko na ƙoda ne, don a tabbatar hanyar fitar maganin a buɗe take, a kuma samu lambar da za a rinƙa kwatantawa da ita nan gaba, tunda shan litiyam na shekaru yana iya rage ƙarfin ƙodar wasu mutane. Na biyu na halittar nan ce ta gaban wuya da likitoci ke kira tayiroyid, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Litiyam yana iya rage aikinta, mutum ya rinƙa jin kasala da sanyi da ƙiba da mutuwar zuciya, har a zaci ciwon damuwarsa ne ya dawo, alhali ƙwaya ɗaya ta tayiroyid a kullum tana gyara abin ba tare da an daina litiyam ba. Na uku na sinadarin kalsiyam ne, domin maganin yakan ɗaga shi. Ban da waɗannan ana duba ƙwayoyin jini, a auna nauyin mutum, a yi awon bugun zuciya ga mai ciwon zuciya ko mai hawan jini. Da mace ce, da an yi mata awon ciki, domin maganin yana da haɗari ga zuciyar ɗan tayi a watanni ukun farko, yana kuma shiga ruwan nono. Jinin da ake ɗiba a duk waɗannan bai wuce 'yan cokula ba, kuma jiki yana mayar da shi ba tare da mutum ya ji komai ba.

Ki kuma gaya mata cewa yawan zirga-zirgar na farko ne. Ana auna litiyam mako guda bayan farawa da kuma bayan kowane canji, a ci gaba mako-mako har lambar ta tsaya, daga nan sai duk wata uku a shekarar farko. Bayan shekara, wanda komai nasa ke tafiya daidai yakan koma duk wata shida, shi ma awon ƙoda da tayiroyid da kalsiyam duk wata shida ne. Maigidanki ya riga ya wuce mafi wahalar.

Shawarata ita ce kada wannan bayani ya fito daga bakinki ke kaɗai, don kada ya zama ja-in-ja tsakanin suruka da matar ɗa. Ki roƙi maigidan, ko wani yayansa da take jin maganarsa, su tafi da ita asibiti a zuwa na gaba ta ji daga bakin likita, ta kuma yi tambayoyinta. Addu'a da karatun Alƙur'ani babu mai hana ta, kuma ba sa karo da ƙwayar. Abin da za a roƙe ta shi ne biyu: kada a ba shi jiƙo ko tsimi mai sa gudawa ko yawan fitsari, kuma kada a yanke maganin. Yanke litiyam farat ɗaya yana dawo da ciwon da wuri, sau da yawa cikin 'yan makonni ko watanni, yana kuma ƙara haɗarin mutum ya yi yunƙurin hallaka kansa. Tun 1949 da wani likita a Ostireliya mai suna John Cade ya nuna amfaninsa ga masu irin wannan ciwo ake aiki da shi, kuma har yau yana cikin mafi ƙarfin magunguna wajen hana ciwon dawowa. Idan wata rana likita ya ga ya dace a daina, a hankali ake ragewa, cikin mako huɗu aƙalla, an fi so ma a ja shi har wata uku.

Shi ma maigidan yana da nasa rabon a wannan magana, kuma ina so ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa. Magidanci ne mai hankalinsa, idan ya ji ana tsaronsa kamar yaro zai iya ƙosawa da maganin gaba ɗaya. Sana'arsa ce ta fi ba ni damuwa. Mutumin da ke wuni a kasuwa cikin zafin Afrilu da Mayu na Zamfara, yana ɗora buhuna a mota, gumi yana zuba, yana asarar ruwa da gishiri tare. Ƙoda tana ɗaukar litiyam tamkar gishiri, saboda haka duk lokacin da jiki ya rasa gishiri da ruwa, ƙodar ta fara tattalin gishirin, sai ta riƙe litiyam tare da shi. Ya rinƙa tafiya da gorar ruwa, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi, kuma fitsarinsa ya zama ma'auninsa: idan ya yi duhu ya ragu, ruwan bai isa ba. Haka abin yake ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ko amai da gudawa. A irin wannan rana a ba shi ruwan gishiri da sukari, a tuntuɓi likita a ranar, domin sau da yawa akan tsayar da litiyam har sai ya koma ci da sha. Kada a saya masa filajil don gudawa kamar yadda aka saba, shi ma yana iya ɗaga litiyam.

A ɗakin girki kuma, abin da ake so shi ne kada a yi canji na farat ɗaya. Idan wani ya ce masa ya daina cin gishiri saboda hawan jini, kada ki cire shi daga miya sai likitansa ya sani, domin hakan zai ɗaga maganin. Kanwa kuwa akasin haka take yi. 'Yar wadda ake jefawa a miyar kuɓewa ba matsala ba ce, amma jiƙa ta a sha don ciwon ciki, ko yawan kunun kanwa kullum, yana iya rage litiyam har ya kasa aiki. Goro da shayi da kofi suna ƙara fitar da maganin, don haka wanda ya saba da su sosai ya daina rana ɗaya, lambarsa tana iya hawa. Idan kuma wata rana aka ce yana da hawan jini, a gaya wa mai rubuta maganin tun kafin ya ɗora alƙalami, domin lisinofuril da losatan da ƙwayoyin sa fitsari duk suna tara litiyam a jiki, akwai kuma waɗanda za a iya ba shi a madadinsu.

Mai kemis ɗin da ya sayar da dikulofenak da wuya ya san abin da maigidanki ke sha, domin mutane ba su cika son a san suna shan maganin ƙwaƙwalwa ba. Ba sai ya faɗi sunan ciwonsa ba. Ya isa ya ajiye 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan maganin, da adadin da yake sha, da lambar awonsa na ƙarshe da ranar da aka yi, da lambar wayar asibitin, ya nuna ta ga duk wanda zai ba shi magani ko allura. A bayan takardar ki rinƙa rubuta lokacin da ya sha ƙwayar daren awo, ki faɗa wa mai ɗibar jini. Ki kuma tambaye shi ko kwalbar da zai zuba jinin ta dace da awon litiyam, saboda akwai wata kwalba, galibi mai koren murfi, da sinadarin cikinta ke ɗauke da litiyam, kuma jinin da aka zuba a cikinta yakan ba da lamba mai tsoratarwa wadda ba gaskiya ba ce. Idan ya sake mantawa da ƙwaya har gari ya waye sosai, ya bar ta ya sha ta daren a lokacinta, kada ya haɗa biyu. Kada kuma a canza samfurin maganin don an samu mai araha sai da sanin likita, domin akwai mai saurin narkewa da mai narkewa a hankali, kuma ba a musanya su kai tsaye. A ajiye kwalin inda hannun yara ba ya kaiwa.

Batun azumi ku tayar da shi wata guda kafin Ramadan. Lokacin shan ƙwayar ba shi ne matsala ba tunda da dare yake sha, wunin ƙishirwa cikin zafi shi ne abin dubawa. Wasu masu lafiyar ƙoda da lambarsu ta daɗe a tsaye suna yin azumi da amincewar likita, tare da awo kafin farawa da kuma bayan makon farko, wasu kuma akan ce su jinkirta, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Ƙarancin barcin watan ma abin lura ne, domin rashin barci yana tayar da wannan ciwo.

Idan kuwa bayan duk wannan kuka ga cewa kuɗin awo, ko nisan wuri, ko halin da hanyoyinmu ke ciki ba za su bari a rinƙa auna jinin a kan kari ba, ku faɗa wa likitan ƙarara. Shan litiyam babu awo ya fi canza shi haɗari, kuma akwai wasu magunguna, irin su olanzafin da kwetiyafin da balfurowet, kowanne da nasa amfani da nasa illa, waɗanda zai iya dubawa tare da ku. Za ku iya kuma tambayarsa ko za a rinƙa yin awon ƙoda a kusa da gida a aika masa da hoton sakamakon ta waya, a rage tafiyar zuwa ta awon litiyam kawai. Ni dai, tunda maigidan ya samu sauƙi a kan wannan magani, na fi son a yi ƙoƙarin riƙe shi. Idan an sake awon, ki rubuto mini da sakamakon, da lokacin da ya sha ƙwayar, da lokacin da aka ɗebi jinin.